Gem ɗina ya cinye wa mutane lebul, me zan rubuta musu?

Tambaya: Salam malam, ina da ɗan gem a Play Store, tunda na saki 1.4 mutane ke kuka wai sun koma lebul 1. Na gano in waya ta mutu ana cikin ajiya fayil ɗin lalacewa yake, na gyara a 1.4.1. To me zan rubuta musu? Zagi kawai nake sha.

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Kafin rubutu ka tabbata gyaran ya kai gyara, wato gem ɗin ya fara rubuta sabuwar ajiya a wani fayil daban, sai ta kammala sannan ya sauya masa suna ya maye gurbin tsohon, kuma ya bar kwafin ta baya. In ba haka ba matsalar za ta dawo, kuma haƙuri na biyu ba ya shiga kunne.

Wanda ya rasa lebul 40 tambaya ɗaya ce a ransa, abina zai dawo ko ba zai dawo ba? Nan ne masu gem da yawa ke nuƙu-nuƙu su rubuta "mun gyara wasu matsaloli" su wuce, ni kam wannan yana min ciwo, mutum ya ɓata dare da rana kana ce masa wasu matsaloli. Gyaranka gaba yake karewa, bai dawo da abin da ya tafi ba, sai in akwai kwafi a sabarka ko a asusun Play Games na mutumin, shi ma in gem ɗin bai riga ya ɗora lebul 1 a kansa ba. Faɗa musu haka ƙarara. Ga misali in kana da kwafin:

"Ku yi haƙuri, laifinmu ne ba na wayarku ba. A 1.4, in waya ta mutu gem na cikin ajiya, ajiyar lalacewa take ku koma lebul 1. Mun gyara a 1.4.1. Wanda ya haɗa asusunsa ya sabunta ya shiga, zai samu inda ya tsaya a ajiyar ƙarshe. Wanda bai haɗa ba, gaskiya ba mu da yadda za mu dawo da shi, kuma mun san da ciwo. Don Allah kar ku goge gem ɗin ko ku danna Clear data."

Layin ƙarshen nan kar ka cire shi, don abin da mutane ke fara yi kenan in abu ya rikice, kuma shi ke share ɗan abin da ya rage a wayar.

Gurbin What's new na Play Store haruffa 500 kawai yake ɗauka, wannan zai shiga, amma mutane da yawa wayarsu ce ke sabunta musu ba sa ma ganinsa, don haka ka sa ya fito a cikin gem ɗin da an buɗe. In kuma a hankali kake sakin 1.4.1, kaso-kaso, ka rubuta cewa ba kowa zai gani yau ba, ka nuna musu inda za su duba lambar sigar da ke wayarsu.