Amsar Yaya kan gabatar da baƙo a webina (murya ce aka rubuta)

"Yaya, ni aka ce in gabatar da Dakta a webinarmu ta Zoom ran Asabar bayan La'asar. Ga tarihinshi shafi uku an turo mani, duka zan karanta? Kuma yaushe zan yi maganar miyut da rikodin?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. To ki aje shafi ukun nan gefe tukuna, abin da zai ba ki wahala jerin abubuwan ne, wane ke gaba wane ke baya. Sanarwar miyut da rikodin ita ce farko, gabatarwa ita ce ƙarshe, domin da kin ambaci sunan Dakta to bakinki ya mutu, nashi ya buɗe. Ba a kiran sunan mutum ya gyara murya ya yi bisimilla sannan a katse shi da "af, don Allah ku kashe makirfo".

Kuma miyut ɗin nan kada ki roƙi kowa, mutanenmu ba su ji. Tun wajen shirya taron a kunna Mute participants upon entry, kowa ya shigo bakinshi a rufe. In an fara ki shiga Participants ki danna Mute All, akwai wani ɗan akwati da ke cewa Allow participants to unmute themselves, ki cire mashi alama. In kin bar shi, minti biyu wani zai buɗe daga Kofar Kaura ana mashi hon na keke napep. Amma fa ki lura, wannan ya haɗa da Dakta, don haka in akawun na kuɗi ne ki maida shi co-host tun kafin a fara don ya iya buɗe nashi makirfon, shi da mutum guda da zai tsare maki Chat. Ke kaɗai ba ki iya magana kina karanta tambayoyi kina kuma shigo da mutane daga Waiting Room.

Abin da za ki faɗa bai wuce rabin minti ba. Ki ce: "Jama'a mun rufe makirfon kowa don a ji malam da kyau. Mai tambaya ya rubuta a Chat, za mu karanto bayan ya gama. Muna ɗaukar taron nan, wanda bai son fuskarshi ta fito ya kashe kyamara." Shi ke nan. Sai ki danna Record, ki jira ki ji muryar nan ta ce an fara ɗauka ki ga alamar a sama, sannan ki shiga gabatarwa. A'a, bari in gyara, izinin Dakta kan rikodin ɗin ki nema tun ran Juma'a, ba a gaban jama'a ba, wani bai yarda a yaɗa silaid ɗinshi.

Yauwa, wane akawun za ku yi amfani da shi? In na kyauta ne, minti 40 yake yankewa kuma mutum 100 yake ɗauka, sannan ba ya rikodin daga waya, sai a laftof, kuma bidiyon sai an rufe taro yake haɗa kanshi, to kada mai laftof ɗin ya rufe ta da sauri don an kira Magariba. Abin nan na minti 40 wallahi har yau yana mani ciwo. Akwai wani taro da wata ƙungiya ta yi nan Katsina, mai gabatarwa ya tsaya gaishe-gaishe, mai girma wane, Hajiya wance, shugaban kaza, uban ƙungiya, har wanda bai shigo ba sai da aka gaishe shi, daga nan ya ɗauko tarihin baƙo tun daga firamare. Bawan Allah nan ya kwana yana shiri, yana cikin silaid na huɗu abu ya ɗauke ɗif. Da aka turo sabon link rabin mutane ba su dawo ba, data ta ƙare masu, kuma ba wanda ya tuna ya sake danna Record. Mutum ya bar aikinshi ya zo kyauta a yi mashi haka!

To tarihin kau, ki tsamo abu uku: aikin da yake yi yanzu, abu guda da ya yi wanda ya shafi maudu'in ranar, da abin da masu saurare za su ƙaru da shi. Minti ɗaya ya isa. Ki tambaye shi yadda yake son a kira shi, Dakta ne ko Malam ko Injiniya, kin san mu da muƙami. Sunan ya zo a ƙarshe, "Dakta wane, bisimilla, fili naka ne", ki kashe naki makirfon, mai taimaka maki ya yi mashi Spotlight, wato hotonshi ya fito babba ga kowa. Ki gaya mashi tun farko minti nawa gare shi, kuma za ki tura mashi saƙo shi kaɗai in saura biyar.

Sanarwar nan a sake liƙa ta a Chat bayan kamar minti goma saboda 'yan latti. In kin ji murya tana maimaita kanta, waya da laftof ne suka shiga daga ɗaki guda, a cire sautin ɗaya gaba ɗaya. Ku shiga da Dakta minti 15 kafin lokaci ya gwada Share Screen. Ki turo mani abin da kika rubuta daren Juma'a in duba maki.