Kwana 30 daga wace mota?

Tambaya: Malam, ina sayar da masara a Dawanau. Na yi yarjejeniya da wani kamfanin abincin kaji zan kai musu buhu 600 a mota uku, wata-wata. Takardar da suka rubuta ta ce "za a biya kuɗi cikin kwana 30 bayan kai kaya". Na kai motar farko, kwana 30 sun cika, sai suka ce lissafi daga motar ƙarshe yake farawa. Waye mai gaskiya?

Amsa: Alhaji, idan maganar ta je kotu, alƙali ba zai tambayi abin da ke ranka ranar da ka sa hannu ba. Zai duba yadda mai hankali, wanda ya san harkar, zai fahimci rubutun. Matakin farko shi ne ma'anar kalmomin a fili, kuma da rubutun ya ce "bayan kai dukkan buhu 600", magana ta ƙare ko da ta yi maka ɗaci. To amma "kai kaya" yana ɗaukar mota ɗaya, yana kuma ɗaukar ukun gaba ɗaya. Bambancin ba ƙarami ba ne: in motar farko ta sauka 10 ga Janairu, ta ƙarshe 10 ga Maris, a fahimtarka kuɗin buhu 200 na farko ya wajaba a kansu 9 ga Fabrairu, a tasu kuwa sai 9 ga Afrilu. Wata biyu ke nan jarinka yana hannun wani.

Tunda jimlar ba ta raba gardama ba, sai a karanta takardar daga sama har ƙasa, kuma a nan nake so ka ɓata lokacinka. Duba ko an ce kowace mota za a auna ta a ba ka takardar shaidar karɓa tata, ko kuma za ka miƙa takardar neman biya duk sanda ka sauke. Idan haka ne, yarjejeniyar da kanta ta ɗauki kowace mota a matsayin kai kaya mai zaman kansa, kuma ƙa'ida ita ce kalma ɗaya ma'ana ɗaya take ɗauka a duk inda ta zo cikin takarda. In kuwa an rubuta farashin a dunƙule, aka ambaci tantance kaya sau ɗaya a ƙarshe, hujja ta karkata wajensu. Abin da aka ƙara da biro kuka sa hannu a kai ya fi bugaggen rubutu ƙarfi idan sun saɓa. Tsohon cinikinku ma yana taimakawa: in bara mota-mota suka biya ka, nemo bayanan banki. Haka al'adar kasuwa, muddin sananniya ce ga ɓangarorin biyu kuma ba ta ci karo da rubutun ba.

Kada ka dogara da cewa manajansu ya faɗa maka da baki za a riƙa biya mota-mota. Sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baka don a sauya ko a ƙara wa abin da aka rubuta, sai a wasu wurare ƙalilan da dokar ta ware.

Idan an bi duk wannan amma fassarorin biyu suna nan kunnen doki, sai ƙa'ida ta uku ta shigo: ana fassara shubuha a kan wanda ya rubuta takardar. Dalilin a bayyane yake. Alƙalami a hannunsu yake, kalmar "dukkan" kawai za su ƙara su kare kansu, ba su ƙara ba. A ganina wannan yana gefenka, amma makami ne na ƙarshe. Ba ya aiki sai shubuhar ta tabbata, kuma ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai idan kai ko lauyanka kun yi ciniki a kan wannan sakin layi har aka gyara shi, don a lokacin rubutun ya zama na ku biyu.

Abin da nake tsoro shi ne ka yi fushi ka riƙe mota ta biyu. In kotu ta ɗauki fassararsu, kai ne ka karya alkawari, kuma suna iya neman diyya idan sun sayi masara da tsada a wani wuri. Kafin ranar mota ta biyu, kai wa lauya takardar, ya duba har da ko akwai sharaɗin zuwa wajen mai sasantawa kafin kotu. Sannan ka rubuta musu wasiƙa ka kafa hujja da sakin layin da ke goyon bayanka, ka nemi ku sa hannu a ƙarin sharaɗi: "Za a biya kuɗin kowace mota cikin kwana 30 daga ranar da ke kan takardar shaidar karɓarta." Kamfanin da ke jiran sauran buhu 400 yakan fi sauƙin amincewa yanzu fiye da bayan masarar ta shiga sitonsa.