Yadda ake rubuta tsakuren rahoton gwajin saurin haɗuwar sinadarai

"Malam, na gama gwajin kiristal bayolet da NaOH, na zana giraf, amma an dawo mini da tsakuren rahotona sau biyu ana cewa bai faɗi komai ba. Me ya kamata in sa a ciki?"

Ɗalibina, na karanta abin da ka rubuta, kuma gaskiyar mai duba rahoton ne. Ka cika layuka biyar da bayanin abin da ake nufi da saurin haɗuwar sinadarai, sannan ka rufe da cewa an samu sakamako mai gamsarwa, alhali wanda ya ɗauki tsakure sakamakon nan yake nema da lambarsa. Ba a rubuta tsakure sai an kammala lissafi, kuma sakin layi ɗaya ne, wanda yawanci ba ya wuce kalmomi 150 zuwa 200, sai dai idan sashenku ya gindaya wani adadin dabam.

Fara da tambayar da gwajin ya amsa, a jimla guda: ana neman odar haɗuwar ta fuskar kowane sinadari, wato yadda saurin ke sauyawa da ƙarfin sinadarin, da kuma darajar k, lambar da ke nuna saurin haɗuwar. Daga nan sai hanyar aiki, kuma a nan ɗalibai suka fi ɓata wuri, suna lissafa kwalabe da yadda suka ɗauraye su. Mai karatu bai damu da wannan ba. Abin da yake buƙata shi ne yadda aka bi diddigin haɗuwar, wato an auna dusashewar launin rinin kiristal bayolet da na'urar auna haske a nanomita 590, da ƙarfin kowane sinadari, da zafin da aka yi aikin a kansa. Kada ka taɓa barin zafin, domin k tana sauyawa da shi, saboda haka k da ba a faɗi zafinta ba babu wanda zai iya kwatanta ta da tasa.

Inda na fi so ka tsaya shi ne bambancin k′ da k. A littafin aikinka rinin yana 1.0 × 10⁻⁵ M, shi kuwa NaOH yana 0.020 M, wato ya ninka rinin sau dubu biyu, don haka ƙarfinsa kusan bai motsa ba har aka gama. Shi ya sa giraf ɗin ln A da lokaci, inda A ke nufin yawan hasken da rinin ya tsotse, ya ba ka miƙaƙƙen layi, wanda ke nuna oda ta ɗaya ta fuskar rinin, kuma gangarensa, idan ka cire alamar ragi, k′ ce, 0.0024 s⁻¹. Da ka ninka NaOH zuwa 0.040 M ka samu 0.0049 s⁻¹, kusan ninki biyu, wanda ke nuna oda ta ɗaya ta fuskar OH⁻ ita ma. Sai ka raba kowace k′ da ƙarfin NaOH ɗinta sannan k ta gaskiya za ta fito: 0.120 da 0.123. Mai duba rahoto daga ma'aunin yake gane wanda ya ruɗe, domin duk wanda ya ce haɗuwar tana da oda ta biyu a jimlace amma ya rubuta k da s⁻¹, to k′ ya kawo bai sani ba.

Ga yadda zan rubuta naka:

"An binciki odar haɗuwar kiristal bayolet da OH⁻ da darajar k a 25 °C, ta hanyar auna dusashewar launi a nanomita 590, rinin yana 1.0 × 10⁻⁵ M, NaOH kuma 0.020 M da 0.040 M. Giraf ɗin ln A da lokaci ya miƙe a duka biyun, inda k′ ta kasance 0.0024 s⁻¹ da 0.0049 s⁻¹. Haɗuwar tana da oda ta ɗaya ta fuskar kowane sinadari, kuma k = 0.12 ± 0.01 M⁻¹ s⁻¹. Babban tushen rashin tabbas shi ne zafin ruwan, wanda ba a daidaita shi da na'ura ba."

Lura cewa na tsaya a 0.12, duk da kalkuleta za ta zubo maka lambobi da yawa, saboda k′ da ƙarfin NaOH duk lambobi biyu masu ma'ana gare su. Shi kuma ± 0.01 ɗin daga bambancin maimaicin da ka yi na ɗauko shi, ba ado ba ne. Da ba ka maimaita ba, da sai ka ɗauko shi daga kuskuren gangaren layin, ka kuma faɗi hakan. Jimlar ƙarshe ma da gangan ta ambaci zafi, domin "kuskuren ɗan Adam" da ɗalibai ke son rubutawa ba ya nuna wa kowa abin da zai gyara.

Kada ka ce "duba jadawali na biyu" a cikin tsakure, domin akan karanta shi ba tare da sauran rahoton ba. Kafin ka miƙa, ɗauki kowace lamba da ke cikinsa ka nemo ta a sashen sakamako, ka tabbatar ita ce ɗin, da ma'auninta.