Tambayoyi da Amsoshi: Allonka ba aljani ne ya shige shi ba, kai ne ka cinye masa EEPROM

Malam na haɗa ESP8266 da yake kunna min famfo, na sa masa lokacin kunnawa da `EEPROM.write()` amma da zarar na cire shi daga wuta sai ya manta. Ko allon ne jabu? (daga Katsina)

Allon lafiyarsa ƙalau. A ESP8266 babu EEPROM na gaske, wani yanki ne na filash ake ara, kuma `EEPROM.write()` a RAM kawai yake canza abu, sai ka kira `EEPROM.commit()` sannan ya sauka a filash. Ka duba kuma ko ka sa `EEPROM.begin()` da girman da kake so a cikin `setup()`. Amma kar ka je ka jefa `commit()` ɗin nan cikin `loop()`, karanta amsar da ke ƙasa tukuna.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, na haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da Arduino Uno. Yana ajiye zafin da na saita da mintocin da suka wuce a EEPROM duk sakan ɗaya saboda ɗauke wuta. Sati biyu yana aiki, yanzu idan wuta ta dawo wani lokaci ya nuna 51.1 maimakon 37.5, mintocin kuma shirme. Na canza waya na canza caja duk a banza. (daga Zariya)

Wa alaikumus salam. Duk sakan ɗaya! Haba ɗalibi, ko ƙwan ma ba ya bukatar a riƙa duba shi haka.

Bari mu yi lissafi. ATmega328P ɗin da ke kan Uno yana da EEPROM bayit 1024, kuma takardar bayanan kamfanin ta ce kowane gurbi an ba shi tabbacin gogewa da rubutu sau 100,000. A rana akwai sakan 86,400, ke nan kafin ka cika awa 28 ka riga ka cinye kason gurbin da kake ta bugu, sati biyun da ya yi maka kyauta ce ya ba ka. Masu sa rubutun kai tsaye cikin `loop()` ba ko jinkiri sun fi ka ɓarna, domin rubuta bayit ɗaya yana ɗaukar kamar milisakan 3.3, wato cikin minti biyar da rabi sun gama da sau 100,000 ɗin, kafin shayi ya huce. Kuma abin haushin shi ne gurbin da ya gaji ba ya ihu, ba saƙon kuskure ba komai, ka rubuta ka karanta nan take ka ga daidai, sai an kashe an kunna ka tarar wani bit ya juya.

To amma 51.1 ɗin nan ina zargin ba gajiyar gurbi ba ce kaɗai, kuma ita ce ta fi tayar min da hankali. Ina kyautata zaton kana ajiye zafin ne a matsayin 375 cikin `int`, bayit biyu, 0x01 da 0x77. Shi EEPROM kafin ya rubuta bayit sai ya fara goge shi, gogaggen bayit kuwa 0xFF ne. Idan wuta ta tafi bayan an goge 0x77 kafin a mayar da shi, abin da ya rage shi ne 0x01 da 0xFF, wato 511, allonka ya karanta digiri 51.1 ya buɗe wa hita wuta, ka dawo ka tarar da dafaffen ƙwai. Tunda kana sake rubuta zafin duk sakan ko bai canza ba, kai da kanka kake buɗe wannan ƙofar sau 86,400 a rana kana jiran ranar da ɗauke wuta zai dace da ita. Da `float` ka yi amfani da shi kuma duk bayit huɗun suka zama 0xFF, `nan` za ka gani a allo, kuma duk gwajin `zafi < saiti` ƙarya zai fito, hita ba za ta taɓa kamawa ba. Duk wanda ya ga 255 ko 65535 ko -1 ko `nan` bayan wuta ta dawo, gogaggen wuri yake karantawa, ya daina zargin caja.

Mintocin ma haka suke yagewa ko da ba a katse tsakiyar bayit ba. Daga 255 zuwa 256 bayit biyu ne suke canzawa tare, ana fara rubuta na ƙasa ya koma 0, idan wuta ta tafi kafin na sama ya zama 1 to lissafinka ya koma sifili.

Gyara na farko mai arha ne, ka daina rubuta abin da bai canza ba. `EEPROM.update()` yana karantawa tukuna, idan abin da ke ciki daidai yake da wanda ka kawo ba ya taɓa gurbin, `EEPROM.put()` ma a Uno haka yake yi bayit bayan bayit. Sannan idan mutum yana danna maɓallin ƙara zafi daga 37.0 zuwa 37.8 kar ka ajiye kowace dannawa, ka jira ya cire hannu da kamar sakan biyar ka ajiye sau ɗaya. Mintoci kuma duk minti ɗaya ya wadatar, kwana 21 ƙwan kaza yake yi, ɓatan sakan 59 ba zai hana ɗan tsako fitowa ba.

Sai dai ko duk minti ne, a gurbi ɗaya sau 100,000 kwana 69 ne kacal, ƙyanƙyasa uku da ɗoriya. Kuma `update()` bai hana yagewa ba, rage yawan damar kawai ya yi. Abin da nake ta nanatawa a shafin nan har wasu sun gaji da ni shi ne, kada ka taɓa rubutu a kan kwafinka mai kyau guda ɗaya tilo. Mai shago idan ka ƙara cin bashi ba ya goge tsohon layi, sabon layi yake ja a ƙasa, in biro ya ƙare masa a tsakiya tsohon lissafin yana nan. Haka za ka yi:

```
struct Ajiya {
  uint32_t jeri;
  uint16_t zafi;
  uint16_t minti;
  uint16_t crc;
} a;

a.jeri++;
a.crc = lissafaCrc(a);
EEPROM.put((a.jeri % 102) * sizeof(a), a);
```

Wannan ƙunshin bayit 10 ne a Uno, ke nan guda 102 za su shiga cikin 1024. Kowace ajiya tana ɗaukar lambar jeri ta gaba ta sauka a gurbi na gaba, in an kai ƙarshe a zagayo farko a hau kan wadda ta fi kowacce tsufa. Shi `crc` lamba ce da ake lissafowa daga sauran bayit takwas ɗin, in ko ɗaya ya canza ba za ta ƙara dacewa ba. `lissafaCrc()` kai za ka rubuta, layi huɗu ne da `_crc16_update()` da ke cikin `util/crc16.h`, ba zan tauna maka wannan ba, aikin makarantarka ne ba nawa ba.

Idan wuta ta dawo, a `setup()` sai ka karanta duk 102 ɗin, ka watsar da duk wadda `crc` ɗinta bai dace ba da wadda jerinta 0xFFFFFFFF ne, cikin sauran ka ɗauki mai jeri mafi girma. A ce wuta ta tafi kana tsakiyar rubuta ta 5,001, rabinta sabo rabinta tsohon tarkace, to ba za ta ci jarrabawa ba, allon ya ɗauki ta 5,000 ya ci gaba, asararka minti ɗaya. Dubara ɗaya ta kashe matsala biyu, domin yanzu kowane gurbi sai bayan minti 102 ake sake taɓa shi, kwana 69 ɗin nan ya koma shekara 19 da wani abu. Idan ba a samu ko ɗaya mai kyau ba, kamar sabon allo, sai ka koma kan 375 da ka rubuta cikin lambar shirin. Kuma duk da haka ni ba na yarda da abin da na karanto sai na gwada shi da hankali, injin ƙwai ba shi da dalilin karɓar saitin da ya wuce digiri 40 ko daga ina ya fito.

Saura abu ɗaya da ɗalibai ba sa dubawa. Wuta ba ta ɗaukewa tsaf lokaci guda, caja tana saukowa ne a hankali daga bolt 5. Uno yana gudu a 16 MHz, wanda bisa takardar yake son kusan bolt 3.8 zuwa sama, amma mai gadin ƙarancin wuta da ke cikinsa, BOD, a bolt 2.7 aka saita shi daga masana'anta. Tsakanin nan guntun yana raye amma ba a hayyacinsa yake ba, zai iya rubuta abin da ba ka aike shi ba. Ana mayar da BOD 4.3 ta hanyar canza saitin cikin guntun da ake kira fiyus da na'urar ISP ko wani Uno ɗin, sai dai in cajarka mai rauni ce za ka ga yana ta sake tashi da kansa, wannan kuma cajar ce take tona kanta.

Guntun da ka riga ka gajiyar, in adireshi 0 zuwa 3 ka yi ta duka kamar kowa, fara zoben daga adireshi 10 ka rage su zuwa 101, ko ka sayi wani tunda na Uno cirewa ake yi. Gwaji kuma ba a kan ƙwai ba dan Allah, ka sa shi yana ajiya da sauri na ɗan lokaci kana fizge waya kana mayarwa sau da yawa, ko sau ɗaya ya tashi da shirme akwai sauran aiki.

Ba zai fi sauƙi in sa babbar kafasita ba, in ajiye sau ɗaya lokacin da wuta take tafiya? (wata ɗaliba daga Maraɗi)

Ana yi, kuma tunaninki ya yi kyau, amma ki yi lissafi da `C = I × t / ΔV`. Bayit 10 kamar milisakan 33 ne, ki ce 40, allon yana jan kamar 50 mA, kina da faɗuwar bolt 0.7 daga 5 zuwa 4.3, ya kama kusan 2,900 µF, kuma wannan in relay da fitilar allo ba sa sha daga wurin, sai kin raba su da diyod kin kuma samu hanyar gane tafiyar wutar tun daga gaban kafasitar. Ranar da shirin ya maƙale ko kafasitar ta tsufa ba abin da za a ajiye. Ki yi shi a matsayin ƙari a kan zoben can na sama. In kuma dole sai kin rubuta duk sakan, nemi FRAM irin MB85RC256V, ta I2C ake haɗa shi, yana jure rubutu sau tiriliyan a kowane bayit, amma `crc` yana nan daram.

Ni ESP32 gare ni, sai na yi duk wannan wahalar? (daga Kumasi)

A'a, an yi maka. Yi amfani da `Preferences.h`, a kan NVS, ma'ajiyar saiti ta cikin filash, yake zaune, shi kuma sabon kwafi yake rubutawa kafin ya soke tsohon yana kuma zagaya shafukan filash da kansa. Saitin da dole su tafi tare ka haɗa su cikin `struct` ɗaya ka ajiye da `putBytes()`, kar wuta ta raba maka su rabi sabo rabi tsoho. Wannan ba lasisin rubutu duk sakan ba ne. Mai ESP8266 na sama kuma ka sani kowane `commit()` da ya tarar da canji sashe guda mai bayit 4096 yake gogewa ya sake rubutawa, in wuta ta tafi a nan duka saitinka ne zai tafi, don haka sai lokacin da ka canza lokacin famfon kawai za ka kira shi.