Sauya suna bayan aure: ta NIN ake farawa, fasfo daga baya

Tambaya: Barista, ni 'yar kasuwa ce, ina zaune a Agege, ina sayar da leshi da atamfa a kasuwar Balogun. An ɗaura mini aure bara a masallaci. A fasfona da NIN da lasin tuƙi sunana Hauwa Ibrahim, wato sunan mahaifina. Bayan biki na je banki na mayar da sunan asusuna Hauwa Sani, sunan maigidana. Yanzu bankin ya ce sunan asusun bai yi daidai da na NIN ba. Ga shi ina da bizar Chana mai rai a fasfon, kuma nan da wata biyu zan tafi sayayya. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama Hauwa, Allah ya sanya albarka a auren. Kafin mu shiga maganar ofisoshi, ki sani babu dokar Nijeriya da ta tilasta wa mace ɗaukar sunan mijinta. Aurenki bai ragu da komai ba don fasfonki na ɗauke da sunan mahaifinki, kuma dama a al'adarmu da addininmu mace da sunan ubanta ake kiranta. Don haka hanya biyu ce gabanki. Ta farko ki koma banki ki mayar da asusun Hauwa Ibrahim, shi ke nan komai ya daidaita, tunda takarda ɗaya ce kawai ta fita daga layi. Ta biyu ki bi sauran takardun ɗaya bayan ɗaya ki mayar da su sabon suna. Ta farkon ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma da za ki tambaye ni abin da ya fi dacewa da mai tafiya nan da wata biyu, ita zan ce.

Amma in ranki ya kwanta da sabon sunan, to ga yadda ake yi, kuma jerin yana da muhimmanci.

Ki fara zama da maigida ku tsayar da sunan harafi da harafi. Mutanenmu sun fi faɗawa rami a nan, domin Bahaushe ba shi da sunan dangi tsayayye irin na maƙwabtanmu Yarabawa. In sunan mijinki Sani Abdullahi Garba, wanne zai shiga gurbin `Surname`? Sani, ko Garba da ke fasfonsa? In burinki shi ne a ga suna ɗaya a fasfonki da nasa da na 'ya'ya ranar neman biza, to Garba ne, ba Sani ba. Haka nan Hauwa da Hauwa'u da Hawa, a kunne suna ɗaya ne, a kwamfuta mutum uku ne. Na taɓa riƙe fayil ɗin wata baiwar Allah da aka dawo da ita sau biyu saboda takardar rantsuwa ta ce Mohammed, jarida ta ce Muhammad. Ki rubuta sunan a takarda ɗaya da manyan baƙaƙe, duk teburin da kika je ki miƙa ta, kada ki bar mai rubutu ya rubuta da ka.

Daga nan sai hujjoji uku. Takardar shaidar aure ce ta farko. Tunda naki na masallaci ne, ki karɓi takarda daga masallacin mai ɗauke da sunayenku, ranar ɗaurin aure, shaidu, sa hannun limami da hatimi. Wani gargaɗi a nan: kada wani ya ce ki garzaya rajistar aure ta Ikoyi don kawai samun satifiket. Auren rajista aure ne ƙarƙashin Dokar Aure, mai hukuncinsa daban, na mace ɗaya ne, kuma kotu ce kaɗai ke raba shi. Ba abin da ake shiga don gyaran fasfo ba ne. Ta biyu takardar rantsuwa ta sauya suna, wadda za ki yi gaban kwamishinan rantsuwa a Babbar Kotu, kamar ta Ikeja. Ta faɗi tsohon suna, sabon suna, dalili, ta kuma ce duk takardun da ke ɗauke da tsohon suna suna nan da ƙarfinsu. Ta uku sanarwa a jaridar da ake karantawa a ƙasa baki ɗaya. Ki ajiye shafin gaba ɗayansa, da sunan jaridar da kwanan wata a sama. Guntun da aka yanko da almakashi bai nuna ranar da aka buga ba, ana iya ƙin karɓarsa.

Da waɗannan ukun za ki nemi gyaran suna a hukumar NIMC mai bayar da NIN, ta shafinta na gyaran bayanai. Dalilin da ya sa NIN ke gaba shi ne Hukumar Shige da Fice daga rumbun NIN take ɗauko sunan mai neman fasfo. In kika biya kuɗin fasfo da sunan Hauwa Garba alhali NIN na cewa Hauwa Ibrahim, fayil ɗin zai tsaya cak. Kada ki biya ko kwabo na fasfo sai kin fitar da sabuwar takardar NIN kin ga sabon sunan da idonki.

Fasfo kuwa ba a gogewa a gyara, sabo ake bayarwa da sabuwar lamba, ko da tsohon na da sauran shekaru. A `passport.immigration.gov.ng` za ki nemi sake fasfo bisa sauyin bayanai, ki ɗora hujjojin nan uku, sannan ki je ɗaukar hoto da yatsu a ofishin da kika zaɓa, Ikoyi ko Ikeja ko Festac. Tun 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara 5 Naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 Naira 200,000. Sauyin bayanai sai an duba an amince, don haka yakan fi sabuntawa ta yau da kullum ɗaukar lokaci. Ki biya ta shafin, ki rabu da masu tare mutane a bakin ƙofa.

Yanzu ga bizarki. Tana manne a tsohon fasfo, da tsohon suna da tsohuwar lamba. Ranar da aka soke tsohon, kin zama mai sabon fasfo da suna ɗaya da biza da wani sunan, kuma kowace ƙasa da ƙa'idarta kan haka, wasu sai an sake neman biza. Tikitin jirgi shi ma dole ya yi daidai da fasfon da ke hannunki. Don haka ki sayi tikiti da sunan Hauwa Ibrahim, ki tafi ki dawo da fasfonki na yanzu, muddin yana da sauran aƙalla wata 6. Kada ki taɓa NIN ma sai kin dawo. Rantsuwa da jarida kina iya yinsu tun yanzu, ba sa ruɓewa. Mai niyyar Umara ko Hajji ita ma haka: da sunan da aka yi mata rajista za ta tafi.

Bayan fasfo ya fito, sauran masu sauƙi ne. Ki kai wa banki sabuwar NIN a gyara BVN da duk asusunki, ba ɗaya kaɗai ba. Lasin tuƙi a cibiyar lasi ake sake shi, inda FRSC ke ɗaukar hoto, sannan ki bi takardun mota da inshora. In kin yi wa shagonki rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, a sabunta sunan mai shi, haka takardar izinin shago ta ƙaramar hukuma lokacin sabuntawa. Katin zaɓe sai INEC ta buɗe rajista.

Takardun makaranta, irin su sakamakon WAEC, da tsohon suna za su zauna har abada, haka takardar haihuwa. Takardar rantsuwa da shafin jaridar nan su ne gadar da ke haɗa Hauwa Ibrahim da sabuwar Hauwa, don haka ki yi musu kwafi da yawa, ki ɗauki hotonsu a waya, ki adana na asali tare da tsohon fasfon da aka soke.