Wasaf ya ce kwanan watan wayata ba daidai ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Jidda, tun jiya Wasaf ya ƙi buɗewa, ga abin da yake nuna mini: "Your phone date is inaccurate". Kullum na gyara agogo sai saƙon ya dawo.

Wa alaikumus salam, Malam. Agogon wayarka ne ya saɓa da na Wasaf. Yawanci wanda ya zo daga Najeriya yakan tura agogo da hannu, alhali yankin lokacin yana nan a GMT+1, Saudiyya kuwa GMT+3 ce. Ido zai ga lokaci daidai, amma a lissafin waya an samu kuskuren awa 2.

Shiga Settings, ka nemi Date and time, ka kunna "Automatic date and time" da "Automatic time zone". In bai kama ba, kashe "Automatic time zone", ka zaɓi Riyadh da kanka, ka kashe wayar ka kunna. Duba shekarar ma, domin batir in ya mutu murus yakan mayar da ita baya.

In komai daidai ne amma saƙon bai tafi ba, Wasaf ɗinka ne ya tsufa, sabunta shi a Play Store. Don Allah kada ka goge shi tukuna, hirarrakin da ba ka adana ba za su salwanta.