Mun goge bidiyon kamu, ga shi yana yawo

"Oga, bidiyon kamun nan da ango ya ce a cire, tun jiya na goge shi daga YouTube ɗinmu. Yau kuma ga shi an turo wa ƙanwata a WhatsApp. Ta ina ya fito?"

Jawo benci ka zauna, ɗana. Abin da ka goge fayil ɗaya ne tak, wanda ke ajiye a sabar YouTube da sunan shagonmu. Kwana uku ya yi a can kafin ango ya kira, kuma duk wanda ya sauke shi a cikin kwanakin nan ya samu nasa na kansa. Kamar katin gayyata ne: in ka yaga na hannunka, fotokofin da wani ya yi a Rigasa bai ma san an yi ba.

Ka bambanta mai nuni da mai kwafi. Shafin da ya liƙa bidiyonmu a jikinsa bai ɗauki komai ba, taga kawai ya buɗe tana leƙa namu. In ka buɗe lambobin shafin za ka ga irin wannan:

```
<iframe src="https://www.youtube.com/embed/..."></iframe>
```

Wannan ya mutu tun jiya. Baƙin allo zai nuna, da rubutun "Video unavailable". Amma in ka danna ya yi wasa lafiya lau, to ba namu yake leƙa ba, mai shafin ya sauke ya sake ɗorawa. Duba sunan asusun da ke ƙarƙashinsa, za ka ga ba na shagonmu ba ne.

Na ƙanwarka daga waya ya fito, shi ne mai wuyar. Wata ƙawar amarya ta sauke, ta yanko minti biyu na rawa, ta jefa a guruf. Wayoyi da yawa da kansu suke sauke abin da aka turo, mai wayar bai ma buɗe ba ya riga ya shiga. Ko ƙawar ta yi nadama ta danna "Delete for everyone", kwana biyu ne wa'adinsa, kuma saƙonta kaɗai yake janyewa. Wadda ta riga ta tura wa wani guruf, nata saƙo ne daban. Balle wanda aka tura ta Xender ko ta memori a Kasuwar Barci, wanda ko intanet bai bi ba.

Kada ka ce wa ango an goge ko'ina, ƙarya za ka yi masa. Ka ce namu ya sauka. Waɗanda aka sake ɗorawa a TikTok ko Facebook, ka kwafo adireshin kowanne mu shigar da ƙorafin haƙƙin mallaka ɗaya bayan ɗaya, tunda kyamararmu ce ta ɗauka, asalin fayil ɗin kuma yana kwamfutar nan. Na cikin wayoyi kuwa sai roƙo. Uwar amarya ta yi magana a guruf ɗin dangi, ita za a fi jin kunyarta.